Mama na fama da ciwon mantuwa, matata kuma ta gaji: yaya za mu raba aikin?

Tambaya: Mahaifiyarmu tana da shekara 78, shekara biyu ke nan likita ya ce ciwon mantuwa ne. A gidana take, kuma matata ce ke yin komai, ga 'ya'yanmu uku. Mama tana tashi cikin dare sau uku ko huɗu, tana ƙin wanka, kullum kuma sai ta ce matata ta sace mata kuɗi. Matata ta rame, ba ta barci, abu kaɗan sai kuka. Mu biyar Mama ta haifa: ƙanena ɗaya da ƙanwata ɗaya suna kusa, sauran biyun suna nesa. Sun ce a riƙa kai Mama gida-gida, wata ɗaya-ɗaya. Mene ne mafita?

Amsa: Allah ya ba Mama sauƙi, ya saka wa matarka da alheri. Kafin a yi maganar wa zai yi me, ɗauki takarda ka ƙirga awoyi. Mako yana da awa 168. Mai ciwon mantuwa da ya kai matakin tashin dare da ƙin wanka ba a barinsa shi kaɗai a ko ɗaya daga cikinsu, ko da kuwa yana zaune shiru, domin wanda ke tsaronsa ba zai iya fita ba, ba zai iya kwanciya ya saki jiki ba. Ma'aikacin da ake biya albashi awa 40 zuwa 48 yake yi a mako. Ke nan aikin mutum huɗu ne aka ɗora wa mace ɗaya. Kuma ciwon ba na wata biyu ba ne: masu cutar Alzaima, wadda ita ce ta fi yawa cikin ire-iren ciwon mantuwa, sukan rayu shekara huɗu zuwa takwas bayan an gano ta, wasu ma su zarce haka nesa ba kusa ba, aikin kuma ƙaruwa yake yi kowace shekara. Duk tsarin da aka gina a kan haƙurin mutum ɗaya zai rushe kafin a kai rabin hanya.

Shawarar kai Mama gida-gida ba na goyon bayanta, kuma ga dalili. Ciwon nan yana fara cin sashen ƙwaƙwalwa da ke ajiye sabon abu, amma abin da jiki ya saba da shi yakan daɗe bai goge ba. Mama ba za ta iya gaya maka ranar yau ba, amma ƙafarta ta san taku nawa ne daga gado zuwa banɗaki a gidanka. Ka kai ta wani gida, wannan ɗan abin da ya rage mata ya tashi a banza. Za ta farka cikin duhu ta nemi ƙofa inda babu ƙofa, ta yi fitsari a tsaye, ta yi tuntuɓe, ko ta buɗe ƙofar waje tana neman "gida". Yakan ɗauki makonni kafin ta ɗan natsu, a daidai lokacin kuma an zo ɗaukarta zuwa gida na gaba. Sannan ka duba wa za ta tarar a can: wata matar ɗan ce ita kaɗai, da awa 168 nata. An raba gajiyar ne kawai a kan watanni, an kuma ƙara wa mara lafiya ruɗewa. Mama ta zauna a ɗaki ɗaya, masu kula da ita su riƙa zuwa. In wata rana dole ta sa a canza mata gida, a yi shi sau ɗaya, a tafi da gadonta da kayan da ta sani, a jera su yadda suke a tsohon ɗakin, wanda ta fi sabawa da shi ya kwana tare da ita a makon farko.

Taron raba aiki kai za ka kira shi, kai za ka yi magana. Kada ka sa matarka ta tsaya gaban danginka tana lissafa wahalarta, domin duk abin da ta faɗa za a iya juya shi a ce ta gaji da uwar mijinta. Mama uwarku ce ku biyar, nauyinta a wuyanku yake. Abin da matarka ke yi kyautatawa ce, saboda haka ita ma tambayarta za a yi abin da za ta iya ɗauka, kai da ita a keɓe, kafin taron. A wurin taron kuma kada ka karɓi "duk lokacin da kuka buƙace ni ku kira ni". Wannan maganar tana mayar wa matarka da aikin roƙo, ita kuma ba za ta roƙa ba. Kowa ya faɗi rana da awa, a rubuta da sunansa, wanda kuma ba zai samu zuwa ba shi zai nemo madadinsa.

Ga yadda lissafin zai iya kasancewa a gidanku. Dare, daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe, awa 56 ne a mako, kuma matarka ba ta da ko ɗaya a ciki. Kai ka ɗauki daren Lahadi, Talata da Alhamis. Ƙanenka na kusa ya ɗauki daren Juma'a da Asabar. Litinin da Laraba a ɗauko mai kwana da za a biya. An tsara shi haka ne don kada kowa ya wuce dare biyu a jere. Da rana, mai aikin kula ta zo daga 8 na safe zuwa 2 na rana, Litinin zuwa Juma'a, awa 30. Ba ita ce mai kwanan dare ba, don wadda ta kwana a farke ba za ta iya aikin safe ba. Ƙanwarka ta kusa ta karɓi ranar Asabar daga 8 zuwa 6 na yamma, awa 10, ƙanenka da ya kwana ya riƙe safiyar kafin ta iso. Daga 6 na yamma zuwa 10 na dare naka ne kwana biyar, na ƙanenka kwana biyun da yake kwana. Lahadi daga 8 zuwa 2 naka ne. Abin da ya rage wa matarka shi ne 6 zuwa 8 na safe da 2 zuwa 6 na yamma, kwana shida: awa 36, Asabar kuma hutunta ce cikakkiya.

Idan ka tara za ka ga naka ya kai awa 50, ga kuma aikinka na neman abinci. Za ka ce ya yi yawa, kuma gaskiya ne ya yi yawa. Ka tuna dai har yanzu bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da take ɗauke da shi yau ba. In ba za ka iya ba, a ƙara awoyin da ake biya, kada a mayar mata da su a ɓoye. 'Yan'uwanku biyu na nesa su ne za su ɗauki kuɗin awa 46 na masu aikin, da kuɗin magani da kunzugun manya, su riƙa turowa a rana tsayayya kowane wata ba sai an tuna musu ba. Ɗaya daga cikinsu ya riƙe abin da ake iya yi ta waya: ranar ganin likita, sayen magani kafin ya ƙare, nemo madadin mai aiki in ta yi fashi. Kowannensu kuma ya zo ya zauna mako ɗaya ko biyu a shekara, a bar matarka ta yi tafiya. Hutun da ake yi cikin gidan da mara lafiya yake ba ya zama hutu, domin Mama za ta kira sunanta, ita kuma za ta amsa. Ko ranar Asabar ɗin ma, ta fita na wasu awoyi.

Na cire ta daga aikin dare gaba ɗaya ne saboda rashin barci shi ne abin da ya fi saurin karya mai jinya. Wanda ake tasa sau huɗu a dare ba ya samun barci mai nauyi ko da ya yi awa bakwai a kwance, kuma daga nan ne saurin fushi, mantuwa da magani da kukan da kake gani suke fitowa. Mai aikin dare ya kwana a ɗakin Mama ko a bakin ƙofarta, matarka ta kwana inda ba za ta ji motsi ba. Za a ce ai ɗa namiji ba zai kai mahaifiyarsa banɗaki ba. Yawancin aikin dare bai kai nan ba: kunna fitila ne, riƙe hannu zuwa ƙofa, jira, mayar da ita gado. A ajiye kujerar ba-haya kusa da gado, a sa mata sutura mai sauƙin ɗagawa, a shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen gado, a ajiye wani zanen a kusa. Idan ta kai matakin da sai an wanke ta kowane dare, to a ƙara dararen mace mai kwana.

Shi kansa tashin daren ana iya rage shi, kuma gyaransa da rana ake yi. Ta fita ta sha hasken safe kamar minti 30, ta ɗan taka in ƙafa na ɗaukarta, domin haske ne ke saita agogon jiki, ciwon kuma yana ɓata wannan agogon. Barcin rana kada ya wuce awa ɗaya, kada kuma ya kai bayan ƙarfe 3. Shayi mai ganye da kofi su tsaya kafin tsakar rana. Ruwa ta sha kofi shida zuwa takwas, kimanin lita ɗaya da rabi, sai dai in likita ya taƙaita mata saboda zuciya ko ƙoda; a ba ta mafi yawansa kafin yamma, a rage awa biyu kafin kwanciya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne hana ta ruwa tun rana don gudun fitsarin kwance. Hakan yana jawo bushewar jiki, taurin bayan gida da ciwon mafitsara, dukansu kuma suna ƙara ruɗewa. A riƙa kai ta banɗaki duk bayan awa biyu zuwa uku ba tare da jiran ta nema ba, da kuma daf da kwanciya. A bar ƙaramar fitila a kunne a hanyar banɗaki, a kwashe duk abin da ƙafa za ta iya harɗewa da shi, a rataya ƙararrawa a ƙofar fita. Kada a kulle ta ita kaɗai a ɗaki, kada a ɗaure ta a gado. Tsoro ne zai ƙaru, ta ji wa kanta ciwo wajen ƙoƙarin fita, in kuma gobara ta tashi babu hanya.

Ku kwashe duk magungunan da take sha, har da waɗanda aka saya ba da takardar likita ba, ku kai wa likitanta ya duba. Maganin hawan jini mai sa fitsari idan ana shan sa da yamma shi kaɗai ya isa ya tashe ta sau uku. Donefezil, wanda ake bayarwa don ciwon mantuwa, yakan jawo wa wasu munanan mafarkai da rashin barci, likita kan mayar da shi safe. Abin da nake roƙonku da babbar murya shi ne kada gajiya ta sa a sayo mata maganin barci. Diyazifam da firiton da ire-irensu suna ƙara wa tsoho ruɗewa, suna sa jiri, faɗuwa ɗaya kuma ta isa ta karya ƙugu ta kwantar da ita gaba ɗaya. Magungunan kwantar da hankali irin su halofaridol da risfaridon suna ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ga masu ciwon mantuwa, shi ya sa likita ba ya ba da su sai in mara lafiya na neman cutar da kansa ko wani, a ƙaramin awo, na ɗan lokaci.

Zargin sata yana bukatar a tsaya a kansa, domin ya fi aikin ƙarfi cin rai. Mama tana ɓoye kuɗinta don tsoron kada su ɓata, sai ta manta ta ɓoye. Ta duba ba ta gani ba, ƙwaƙwalwarta kuma ba ta da labarin ɓoyewar, sai ta cike gurbin da bayanin da ya fi sauƙi: wani ya ɗauka. Wa ke shiga ɗakin kullum? Matarka. Wanda ya fi kowa hidima shi zargin ke faɗa wa, wanda ke leƙowa sau ɗaya a wata shi ne mutumin kirki. Ga kuma wani abin da ke rura wutar: masu wannan ciwo sukan iya tattara hankalinsu na rabin awa a gaban baƙo, su gaisa tsaf, su yi hira kamar lafiyarsu ƙalau. Sai ɗan'uwa ya tafi yana cewa ai Mama garau take, anya maganar kuɗin nan ba gaskiya ba ce? A nan ne gidaje ke watsewa. Ka sa likita ko nas ya yi wa 'yan'uwanka wannan bayani da bakinsa, ko ta waya ne, kuma kai ka faɗa a fili cewa ba za a sake yi wa matarka tambaya a kan wannan ba. Kwana biyu a ɗakin Mama yana gyara tunanin mai shakka fiye da kowane bayani.

A lokacin da zargin ya taso, musu ba ya amfani, rantsuwa ba ta amfani, domin a wurinta abin da take faɗa gaskiya ne. Matarka ta bar ɗakin in kana nan, kai ka ce: "Mama, kuɗinki ne ba ki gani ba? Zo mu duba tare." Ku duba wuraren da ta saba ɓoyo, ƙarƙashin matashi, cikin aljihu, tsakanin tufafi, har kwandon shara kafin a zubar. In kun hango abin, a bar ta ita ta gano shi da hannunta, don in matarka ce ta miƙo za ta ce dama tana wurinta. A bar mata 'yan canji kaɗan a jakar da ta sani, a sayi jaka irinta sak a ajiye don ranar da aka rasa ta farkon. Manyan kuɗi, katin banki da takardu su koma hannun ɗaya daga cikin ku 'ya'yanta, a rubuta da sanin kowa. Kada dukiyar Mama ta bi ta hannun matarka ko kaɗan, wannan kariya ce gare ta.

Wanka kuma a mayar da shi cikin awoyin mai aikin kula da ƙanwarka, da hantsi, lokacin da Mama ta fi natsuwa; da yamma masu ciwon nan sukan fi rikicewa. Cikakken wanka sau biyu ko uku a mako ya wadatar in ana goge fuska, hammata, ƙarƙashin nono da matse-matsi kullum da tsumma mai ɗumi, a tsane su sosai. Ƙin wanka yawanci tsoro ne, ko sanyi, ko kunya. A haɗa komai kafin a kira ta, ta zauna a kujera, a lulluɓe ta da tawul ana buɗe sashe ɗaya-ɗaya, a fara da ƙafa da hannu, kai ya zo ƙarshe, a ba ta soso ta riƙe. In ta ƙi, a ƙyale ta a dawo bayan rabin awa.

Tunda hannaye sun yi yawa, a ajiye littafi ɗaya a ɗakin. Duk wanda zai tashi ya rubuta layi huɗu ko biyar: ta sha magani, abin da ta ci da ruwan da ta sha, ta yi bayan gida ko ba ta yi ba, sau nawa ta tashi, da duk abin da ya saɓa wa yadda aka saba. Magani a zuba shi na mako guda a akwatin nan mai gidaje bakwai, mutum ɗaya ke zubawa. Idan babu littafin, kowa zai riƙa kiran matarka yana tambaya, sai ta zama shugabar ma'aikata ko a ranar hutunta. Littafin ne kuma zai nuna muku abu mafi haɗari. Ciwon mantuwa a hankali yake tafiya, cikin watanni. In Mama ta canza cikin kwana ɗaya ko biyu, ta rikice fiye da kima, ko ta koma yawan barci ba ta amsawa, ko tana ganin abin da babu, kada a ce ciwon ne ya ci gaba. Yawanci wani abu ne ya shigo: ciwon mafitsara, nimoniya, kwana uku ko huɗu babu bayan gida, ciwon da ta kasa faɗa, sukari ya hau ko ya faɗi, ko sabon magani. Tsofaffi sukan yi waɗannan ba tare da zazzaɓi ba. A kai ta asibiti a ranar. Da dama daga cikin makonnin da ke gigita gida irin wannan ne, kuma ana maganinsa.

Matarka ita ma tana bukatar ganin likita yanzu, ba sai jadawalin ya kankama ba. Rama, rashin barci da yawan kuka alamu ne da ba a wasa da su. A auna jininta da hawan jini, a kuma yi mata tambayoyin ciwon damuwa. Idan mako biyu ko fiye tana jin baƙin ciki kusan kullum, ko ta daina jin daɗin abin da a da take so, ko an ba ta damar barci amma barcin ya ƙi zuwa, to hutu kaɗai ba zai wadatar ba, sai da magani ko zama da ƙwararre. In ta taɓa cewa gara ta mutu ta huta, a kai ta a ranar. In kuma ta gaya maka ta daka wa Mama tsawa ko ta fizge ta, kada ka mayar da shi shari'a a gaban dangi. Ka karɓi aikin daga hannunta nan take na 'yan kwanaki, domin wannan alama ce ta cewa an wuce iyaka, kuma Mama ma sai ta hanyar hutun mai kula da ita za ta tsira daga maimaituwarsa.

Ku zauna duk wata ku sake duba lissafin, matarka ta faɗa maka a keɓe awoyin da suka dawo kanta ba a sani ba. Yawanci daga fashin mutum ɗaya ake farawa. Jadawalin nan kuma na matakin da Mama take ne yau. Ranar da ta kasa tashi daga gado sai an ɗaga ta, ɗagawar ta mutum biyu ce, mace ɗaya in ta yi ta yi bayanta zai tafi. A lokacin za a riƙa juya ta duk awa biyu, ana duba ƙugu, gindin baya da dundunniya. Jan da aka danna da yatsa bai yi fari ba, ko duhun fata da zafi a wurin, farkon gyambon kwanciya ne. In ta fara tari ko shaƙewa wajen cin abinci, a zaunar da ita tsaye sosai, loma ƙanana, ta zauna minti 30 bayan ta gama, a kuma sanar da likita. Da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana, awoyin da ake biya sai sun ƙaru, kuma nas ta zo gida ta nuna wa kowannenku yadda ake ɗagawa da juyawa, har da ku mazan.